Kafin mu yanke wa BEAC hukunci kan kuɗin ruwa, mu zauna mu buga lissafin

Akwai wata magana da nake yawan ji a nan Garwa duk lokacin da aka ce babban bankinmu BEAC ya ƙara ko ya rage kuɗin ruwa, kuma kwanan nan na sake jinta a wani shirin rediyo na kiran waya, ta dame ni sosai. Wani ya kira ya ce ai manyan suna zama ne a Yawunde su sha shayi su zaɓi lambar da ta yi musu daɗi, wani ya ce a'a daga Faris ake aiko musu da takarda su dai karantawa kawai suke yi. Can sai wani mai ilimin boko ya kira ya ce shi ya buga ƙa'idar Taylor ta ba shi sama da kashi 8 alhali banki ya tsaya a kashi 5 a 2023, don haka ba su san aikinsu ba, shi ke nan ya kashe waya.

Dukansu ban yarda da su ba. Ra'ayina shi ne wannan lamba ana iya lissafa ta da biro da takarda, ɗan lise ma zai iya, kuma ya kamata mu riƙa lissafawa da kanmu. Amma amsar da take fitowa ba hukunci ba ce, domin a cikin lambobin da ake zubawa a lissafin akwai guda biyu da babu wanda ya taɓa ganinsu da ido, ƙiyasi ne. A kan waɗannan biyun ya kamata gardamarmu ta kasance, ba a kan shan shayi ba.

Lissafin kansa

Lambar da ake magana a kai sunanta TIAO, ita ce ruwan da BEAC yake ɗora wa bankunan kasuwa idan sun zo karɓar kuɗi a wurinsa na ɗan gajeren lokaci. Lamba ɗaya ce ga ƙasashe shida na CEMAC: Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Kwamitin da yake yanke ta yana zama sau huɗu a shekara.

A 1993 wani masanin tattalin arziki na jami'ar Stanford, John Taylor, ya rubuta wata gajeriyar ƙa'ida da ta yi kusa sosai da abin da babban bankin Amurka ya aikata daga 1987 zuwa 1992. Ga ta:

```
i = r + p + 0.5(p - p*) + 0.5(y)
```

i shi ne ruwan da ake nema. p hauhawar farashin da ake ciki. p* hauhawar da banki yake so a tsaya a kai. Abin da ke cikin baka, wato p a cire p*, shi ne giɓin farashi. y giɓin samarwa ne, wato nawa abin da ƙasa ta samar ya wuce ko ya gaza abin da za ta iya samarwa ba tare da ta takura ba, a kashi cikin ɗari. r kuma ruwan tsaka-tsaki ne, ruwan gaske bayan an cire hauhawar farashi, wanda ba ya tura kasuwa gaba ba ya ja ta baya. Taylor ya sa r a 2, ya sa p* ma a 2, don Amurka.

Toh mu kawo shi gida, mu ɗauki 2023. Hauhawar farashi a yankin CEMAC gaba ɗaya ta kai wajen kashi 5.6 a shekarar. Iyakar da yankin ya sa wa kansa kashi 3 ce. Giɓin farashi kenan 2.6. Don misali in ɗauki r a 2 kamar yadda Taylor ya yi, in kuma ɗauka cewa inda ƙasashen za su iya samar da 100 sun samar da 99, giɓin samarwa ya zama -1. Waɗannan biyun na ƙarshe ni na sa su don mu ga yadda lissafin yake tafiya, ku riƙe wannan a rai don zan dawo kansu.

```
i = 2 + 5.6 + 0.5(2.6) + 0.5(-1)
i = 2 + 5.6 + 1.3 - 0.5
i = 8.4
```

8.4 ya fito. BEAC kuwa ya kai TIAO kashi 5 a watan Maris na 2023 ya bar shi a nan har Maris na 2025 da ya sauko da shi 4.5. Tazarar 3.4 ba ƙarama ba ce, don haka malamin da ya kira rediyo bai yi ƙarya a lissafinsa ba.

Kuma akwai inda maganarsa take da nauyi fiye da yadda shi kansa ya faɗa. Ku dubi p a cikin ƙa'idar, sau biyu ya fito, ɗaya cikakke ɗaya rabi. Ma'ana idan hauhawar farashi ta ƙaru da maki 1, ruwa ya kamata ya ƙaru da maki ɗaya da rabi. Dalilin wannan a kasuwa yake. Ɗan kasuwar da yake sayen masara a kaka ya ajiye a sito, idan ya san buhun da ya saya jaka ashirin zai ƙara kashi 6 kafin shekara, bashin da ya ci kuma ruwansa kashi 5 ne, to bashin nan kyauta ne har da tukwici, zai ƙara ci ya ƙara saye ya ƙara ɓoyewa, farashi ya ƙara tashi. Sai ruwan ya gudu ya wuce hauhawar sannan mutum zai tsaya ya yi tunani. A 2021 hauhawar farashi a yankinmu ba ta kai kashi 2 ba, ta zo ta kai 5.6, ƙarin kusan maki 4 kenan, wanda a ƙa'idar yake neman ƙarin ruwa kusan maki 6. BEAC daga 3.25 ya tashi zuwa 5, ƙarin 1.75 kacal. Idan ka cire 5.6 daga 5 ka samu -0.6, ruwan gaske yana ƙasa da sifili a lokacin da ake cewa ana yaƙi da tsada. Wannan tambaya ce ta gaske, kuma duk mai kare bankin dole ya amsa ta.

Inda lissafin yake lanƙwasa

Yanzu mu koma kan lambobin nan biyu da na ce ni na sa.

Na farko r. Ba a auna shi a kasuwa, ba shi a allon kowane banki, ƙiyasta shi ake yi daga tarihin shekaru masu yawa. Kuma yana shiga amsar kai tsaye, maki da maki. Ka mayar da shi 1, amsa ta koma 7.4. Ka kai shi 3 saboda ka ce ƙasashenmu jari ya yi ƙaranci kuma mai ba da bashi yana tsoro, amsa ta koma 9.4. Ba ka taɓa komai a duniya ba, ra'ayinka kawai ka canza, ruwa ya motsa da maki biyu.

Na biyu shi ne ya fi haɗari, giɓin samarwa. Yadda ake fitar da shi ga shi:

```
y = (Y - Y*) / Y* x 100
```

Y abin da aka samar ne, Y* abin da ake ganin za a iya samarwa. Y ɗin ma a wurinmu da wuya yake, don mai shayi da ɗan moto da matar da take soya ƙosai a bakin titi da makiyayin da ya sayar da bijimi a kasuwar ƙauye ba sa kai wa kowa rasit, ƙiyasin aikinsu ake yi, kuma alƙaluman kan fito a makare a sake gyara su daga baya. Amma Y* ya fi, shi babu shi sam a zahiri, layi ne ake ja ta tsakiyar alƙaluman shekarun baya a ce ga hanyar da tattalin arziki yake bi.

Ga yadda kuskuren yake faruwa, kuma ina so a gane shi da kyau don shi ne ya fi cin mutane. A ce ka ɗauka ƙarfin ƙasa yana ƙaruwa da kashi 4 duk shekara, alhali gaskiyarsa ya sauko 3 saboda rijiyoyin mai sun fara tsufa ko wuta ba ta isa masana'antu. Ƙasar tana ta tafiya a kashi 3, daidai ƙarfinta, babu wani giɓi. Amma a takardarka shekarar farko za ka ga -1, ta biyu wajen -2, ta uku wajen -3. Rabin -3 shi ne -1.5, ƙa'idar za ta ce maka rage ruwa da maki ɗaya da rabi don a tayar da injinan da suke kwance, alhali babu injin da yake kwance. Kuɗin da ka saki ba su da kayan da za su saya sai waɗanda suke nan, farashi ya tashi. Wannan ba tatsuniya ba ce, wani masani mai suna Athanasios Orphanides ya koma ya duba alƙaluman da babban bankin Amurka yake da su a hannu a shekarun 1970, ya nuna sun ɗauka giɓin ya fi gaskiyarsa zurfi nesa ba kusa ba, kuma hakan na cikin abin da ya jawo musu tsadar wancan zamani.

Ta yaya za ka gane ka faɗa wannan rami? Idan takardarka tana cewa giɓi yana ƙara zurfi shekara bayan shekara amma kuɗin haya da kuɗin aski da ladan birkila da kuɗin ɗinki suna ta hawa, abubuwan da ba daga tashar jirgin ruwan Duwala suke shigowa ba, to layinka ne ya karkace. Ƙasar da take da hannaye da injina a kwance ladan aiki ba ya tashi a cikinta haka.

Sannan a yankin da yake da mai akwai ƙarin tarko. Idan Chadi ta ƙara haƙo ɗanyen mai a Doba, Y zai yi tsalle, lissafi ya nuna kamar kasuwa ta yi zafi a ƙara ruwa, alhali man nan bututu yake bi ya tafi Kiribi a loda a jirgi, ba wanda ya ƙara sayen shinkafa a Injamena a ranar. Shi ya sa mai hankali yake cire ɓangaren mai ya auna giɓin a kan sauran.

Har p ɗin da muke ganin tsayayye ne akwai zaɓi a cikinsa. Na shekarar da ta wuce za ka sa ko wanda kake hasashen zai zo? Ƙarin ruwa ba ya aiki yau, yana ɗaukar shekara ko fiye kafin ya isa farashi. Idan banki yana ganin hauhawar za ta sauko 4 nan gaba, ya kuma ɗauki r a 1, duba abin da zai fito:

```
i = 1 + 4 + 0.5(4 - 3) + 0.5(-1)
i = 5
```

Kun gani? Ƙa'ida ɗaya, shekara ɗaya, ta ba da 8.4 ta kuma ba da 5 cif. Ba ina cewa haka BEAC ya lissafa ba, ina nuna cewa wanda ya ce maka “Taylor ya ce kaza” bai gaya maka komai ba sai ya nuna maka abin da ya zuba a ciki.

Masu cewa to a jefar da ita mana

Wani zai ce in dai haka ne me amfaninta, kowa ya sa lambar da yake so ya samu amsar da yake so. A nan ne na rabu da su. Igiyar magini ba ta gina bango, amma ita take nuna inda ya karkata, kuma da ita ake tambayar magini dalili. Ba tare da lissafin ba, banki ya ce 5 kai ka ce ya yi yawa wani ya ce ya yi kaɗan, babu inda za a je. Da lissafin kuwa dole mai cewa 5 ya yarda a fili cewa yana ganin hauhawa za ta sauko 4, kuma bayan shekara ɗaya kowa zai iya dubawa ko ta sauko. An mayar da gardamar baki ta zama abin da ake iya kama mutum da shi.

Wani kuma zai ce ai bankuna ba sa tsalle, a hankali suke tafiya, shi ya sa ba a kai 8 ba. Gaskiya ne, kuma ana sa wannan a lissafi, a ɗauki kaso babba na tsohon ruwa a haɗa da kaso ƙarami na abin da ƙa'ida ta ce. A ce 0.85 da 0.15 don misali. Kafin Maris 2023 TIAO yana 4.5:

```
0.85(4.5) + 0.15(8.4) = 5.1
```

Ya yi kusa da 5 ɗin da aka yanke. Amma a sake bugawa a zama na gaba daga 5, zai ba da 5.5, na gaba ya fi haka. Tafiya a hankali tana bayyana ƙaramin taki, ba ta bayyana tsayuwar shekara biyu wuri ɗaya. Don haka wannan uzurin shi kaɗai bai isa ba.

Uzurin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne irin tsadar da muka sha. Mu a arewa mun san daga ina ta zo. A Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titin Garwa da Marwa, ta yi tashin gwauron zabi cikin kwanaki, ɗan moto ya ƙara kuɗi, mai ɗauko albasa da tumatir daga ƙauye ya ƙara, komai ya bi. Ga alkama da taki da suka yi tsada bayan yaƙin Yukren, ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Chadi da Arewa Mai Nisa. Ko TIAO ya kai 12 ba zai ƙara buhun gero ɗaya a kasuwa ba, ba zai mayar da tallafin Najeriya ba. Ƙa'idar ba ta san bambancin tsadar da yawan kuɗi ya kawo da tsadar da ƙarancin kaya ya kawo ba, p kawai take gani. Abin da ruwa zai iya yi a irin wannan hali shi ne hana tsadar mai ta zama tsadar komai da komai ta dindindin, kuma wannan ba ya bukatar duka 8.4. Saboda wannan ni ina ganin da BEAC ya bi lambar ido rufe da ya shaƙe 'yan kasuwar da suke da bashin banki ba tare da farashin abinci ya sauko ba.

Kuma TIAO ba shi kaɗai ne abin da aka matsa ba. A farkon 2023 bankin ya dakatar da kuɗin da yake zuba wa bankuna duk mako, sai a tsakiyar 2024 ya dawo da shi. Bankin da ya matsu a tsakanin nan sai dai ya nema wurin 'yan uwansa ko ya je wata tagar bashi ta BEAC mai ruwa 6.75. Wanda ya kwatanta 8.4 da 5 kawai ya manta da wannan.

Masu cewa Faris ce

Su ma akwai ƙwayar gaskiya a maganarsu, sai dai ba takarda ake aikowa ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999, kuma aikin BEAC na farko kare wannan ɗaurin ne. Taylor ya rubuta ƙa'idarsa don dala wadda ba a ɗaure take da kuɗin kowa ba. Mu kuwa idan babban bankin Turai ya ɗaga ruwansa, kamar yadda ya yi daga sifili a tsakiyar 2022 zuwa 4.5 a Satumbar 2023, mu muka zauna, kuɗi zai nemi hanyar fita, ajiyar kuɗin waje ta ragu, kuma waɗanda suka ga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi sun san abin da ake gudu. Don haka ƙa'idar da ta dace da mu tana bukatar ƙarin gaɓa ta uku, ta ajiyar kuɗin waje: idan ajiyar ta yi ƙasa da inda ake so a ƙara ruwa ko da farashi yana kwance. Wannan takura ce ta gaske, mutum yana da damar ƙin tsarin gaba ɗaya, amma takura ce da ake iya rubutawa a lissafi a gani, ba asiri ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙasa shida lamba ɗaya. Hauhawar farashi a Kamaru a 2023 kashi 7.4 ce. Ka sa ta a lissafinmu na farko, sauran lambobin yadda suke, 11.1 zai fito. Ƙasar da tata take 3.5 kuwa 5.25 za ta samu. Ruwa ɗaya ya yi wa wannan sanyi ya yi wa wancan daidai, kuma ko a cikin Kamarun abin da mai gida yake ji a Kusiri ba shi ake ji a Duwala ba. Wannan ba laifin lissafi ba ne, shi ne ma ya tona shi. Ragowar aikin na gwamnatoci ne, ta kasafin kuɗi da hanyoyi da rumbunan abinci, kuma bai kamata su ɓuya a bayan babban banki ba.

Na san cikinmu akwai masu cewa su ba ruwansu da ruwa, haramun ne ba sa ci ba sa bayarwa, kuma ina girmama wannan. Amma dilan da yake ba ka sukari da man gyaɗa daga Duwala da kuɗin banki yake shigo da su, gwamnati ma da bashin kasuwar yankin take cike giɓin kasafinta, lambar nan tana iso ka a farashin katan ko ba ka taɓa taka ƙofar banki ba. Sanin yadda ake fitar da ita ba cin ta ba ne.

Don haka roƙona ga 'yan jaridarmu, musamman masu shirye-shiryen Hausa da Fulatanci da mutane suke saurara a shago da tasha: idan kwamitin ya zauna gwamnan banki Yvon Sana Bangui ya fito gaban manema labarai, kada a tsaya a “an ƙara” ko “an bari yadda yake”. A tambaye shi hauhawar da suke hasashe nan da shekara ɗaya, a tambaye shi giɓin samarwa nawa suka ɗauka idan an cire mai, a tambaye shi ruwan tsaka-tsakin da suke aiki da shi. A karanta mana amsar a rediyo, a ajiye ta, in shekara ta zagayo a ɗauko a gwada ta da alƙaluman farashin da hukumomin ƙididdiga suka fitar.